Sanƙarau: daga ƙofar asibiti zuwa allurar farko, da abin da ya biyo baya

Ƙarfe 11:20 na safe aka sauke yaron daga babur a ƙofar ɗakin gaggawa, a wani asibitin gwamnati da ke ƙasar Gwandu inda nake aikin jinya. Watan Maris ne, iska ta bushe, ƙura ta cika gari. Shekarunsa 11. An zaunar da shi tsakanin mai babur da mahaifinsa, an rufa masa rawani a fuska domin ya ce haske yana soke masa ido. Zan bi abin da muka yi masa daki-daki tare da lokacin da aka yi kowane abu, domin a wannan ciwo lokaci ne ake lissafi da shi.

Na tambayi uban: "Baba, yaushe abin ya soma?"

"Jiya bayan azahar, Malama. Ya dawo daga fadama shina kuka da kai. Kafin magariba jiki ya ɗau zafi, ya yi ta amai. Mun kai shi kemis an ba shi magani, duk ya amayar. Da asuba uwatai ta ce ba ya iya duƙar da kainai."

Wato awa ashirin da 'yan kai ke nan da somawa. A kemis an ba shi farasitamol da maganin maleriya. Da safe sun biya ƙaramin asibitin ƙauyensu, aka yi masa gwajin maleriya na tsinke, ya nuna akwai. Allah ya taimaka ma'aikacin bai tsaya nan ba. Ya taɓa wuyan yaron, ya ji a sage, ya rubuta takarda ya ce su wuce kai tsaye. Ba shi da allurar da ake bukata a ɗakin maganinsa, da ya yi masa kafin su taso, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Gwajin wuya ba ya cin minti guda. Mun kwantar da shi rigingine ba matashi, na sa tafin hannuna ƙarƙashin ƙeyarsa na ɗaga kan a hankali domin haɓa ta nufi ƙirji. Mai lafiya, ko mai zazzaɓin da bai taɓa ƙwaƙwalwa ba, haɓarsa za ta isa ƙirji ba wahala. Wannan kuwa kai da kafaɗu suka taso tare kamar an ɗaga katako, ya yi ƙara, gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu. Abin da ke yaudarar mutane a gida shi ne mai sanƙarau sau da yawa yana iya waiwayawa dama da hagu, sai a ce ai wuyan lafiya lau. Sunkuyar da kai gaba shi ne gwajin, domin a nan ne tantanin da ya kumbura yake miƙewa.

Zafin jikinsa 39.6. Zuciya na bugawa 128 a minti. Na matsa farcensa na saki, jini ya dawo cikin daƙiƙa 2, hannuwansa da ɗumi, alamar jini na isa ko'ina tukuna. Yana amsa sunansa, amma da na tambaye shi sunan garinsu sai ya faɗi wani abu daban. Daga nan muka tuɓe masa riga muka nemi ɗige-ɗigen jini a fata. A baƙar fata ba sa fitowa sosai, don haka ake duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da dasashi. Idan aka ga tabo ja ko baƙi-baƙi, a danna shi da gindin kofin gilashi. Ƙurjin zafi yakan ɓace a ƙarƙashin gilashi, wannan ba ya ɓacewa, domin jini ne ya tsiyaye daga jijiya. Ganinsa na nufin ƙwayar cutar ta cika jini, kuma irin waɗannan ne ke tafiya cikin sa'o'i. Ba mu samu ko ɗaya a jikin yaron ba.

A nan ya kamata in faɗi abin da ke faruwa a ciki, don shi ne dalilin duk wannan sauri. Ƙwaƙwalwa da laka a naɗe suke cikin wani tantani, a tsakani kuma akwai ruwa garau kamar na rijiya mai kyau. Ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau a yankinmu, meningokokus, tana zaune ne a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba, kusan mutum ɗaya cikin goma. Tana bin tari, atishawa da kwana ɗaki ɗaya. Idan hunturu da bazara suka busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta kakkarce su, sai ta sami ƙofa ta shiga jini, daga jini ta shiga ruwan nan. Ruwan kuwa kusan babu masu tsaron jiki a cikinsa, don haka ta samu fili. Inda ta samu yadda take so, cikin abin da bai kai awa guda ba take ninka kanta. Kafin jiki ya turo mayaƙansa ta riga ta yi yawa, faɗan da za a yi kuma shi ke haifar da mugunya da kumburi. Ƙafa idan ta kumbura tana da inda za ta buɗa. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗawa. Sai ƙwaƙwalwa ta matsu, ƙananan jijiyoyin jini su toshe, wani sashe ya rasa jini. Daga nan ne gigita, jijjiga, suma, shanyewar ɓarin jiki da kurumta suke fitowa. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne cikin mutum shida da suka kamu da irin wannan sanƙarau ɗaya yana mutuwa, cikin biyar kuma ɗaya yana tashi da naƙasa. Idan ba a yi magani ba, mutuwar tana iya kai rabi. Kuma yana iya kashewa cikin awa 24.

Saboda haka dokar aikin ita ce allurar farko ta shiga jiki cikin awa guda da isowar mara lafiya. Ba a jiran sakamakon gwaji.

Ƙarfe 11:30 mun sa masa allurar ƙarin ruwa a hannu, muka ɗebi jini, muka auna sukari, ya nuna 4.8, ba laifi. Muka ɗora shi a sikeli tare da ubansa, muka cire nauyin uban: kilo 28. Wannan awo ba ado ba ne, da shi ake lissafin magani.

Likita ya so ya ɗebi ruwan baya nan take, kafin magani, domin haka ya fi ba da sakamako mai kyau. Uban ya ƙi.

"Likita, a yi haƙuri. An ce in an ɗebe ma mutum ruwan baya ba ya ƙara takawa. Sai yayana ya iso, shi ag gaba da ni."

Ba mu tsaya jayayya ba. Idan ɗibar ruwa za ta jinkirta magani, magani ake farawa da shi. Maganin shi ne seftiriyazon, miligiram 100 ga kowane kilo, sau ɗaya a rana, iyakarsa giram 4. Ga yaro mai kilo 28 ya kama giram 2.8. Kwalbar giram ɗaya-ɗaya take zuwa, don haka kwalba uku muka fasa. Kowace muka narka da ruwan allura mililita 10, muka zuƙi mililita 28 daga cikin 30, muka zuba a ledar ruwan gishiri ta mililita 100, ta tafi cikin rabin awa. Ƙarfe 11:40 ta fara sauka, minti ashirin da isowarsu. Ba a haɗa wannan magani da ruwan ƙari irin wanda ake kira Ringa a leda ɗaya ko a igiya ɗaya, domin akwai kalsiyam a ciki, suna haɗuwa su yi gudaji. Idan jijiya ta ƙi samuwa ba a zauna ana lalube ba, a cinya ake yi, a raba wuri-wuri, kada a wuce giram ɗaya a wuri guda.

Kuskuren da na fi gani a nan yake. Mutane sun saba da wannan allura a matsayin ta taifot, kwalba ɗaya a rana. Sai a kawo mana mara lafiya an yi masa kwalba ɗaya jiya, ɗaya shekaranjiya, 'yan uwa suna cewa ai an yi allurar ba ta yi aiki ba. Tsakanin jini da ruwan ƙwaƙwalwa akwai shinge, kaɗan ne daga cikin maganin yake tsallakawa. Shi ya sa na sanƙarau ya ninka na sauran cututtuka. Kwalba ɗaya ga babban mutum tana iya sassauta zazzaɓi, ta ɓata sakamakon gwaji, ƙwayar kuma tana can tana aiki. Rabin magani a nan ya fi kama da lulluɓe garwashi da toka.

Sai maganar gwajin maleriya da ya nuna akwai. A ƙasarmu yaro na iya yawo da ƙwayar maleriya a jini yana wasansa, kuma tsinken gwaji yakan ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Abin da tsinken ya ce kawai shi ne akwai maleriya ko an yi ta kwanan nan. Bai ce ita ce ta sage wuya ba. Maleriyar da ta hau kai takan kawo suma da jijjiga, amma ba kasafai take sage wuya ba, kuma ba a raba su da ido. Tunda yaron a gigice yake kuma ba abin da ke zama a cikinsa, mun yi masa duka biyun: muka ƙara masa allurar maleriya, atesunet, miligiram 2.4 ga kilo, wato miligiram 67, nan take, a maimaita bayan awa 12, sannan a awa 24. A ganina, layi biyun nan na tsinken maleriya sun jinkirta masu sanƙarau fiye da nisan hanya, domin da an gan su hankalin kowa yake kwanciya.

Yayan ya iso wajen sha biyu da kwata, dattijo mai natsuwa. Likita ya zana masa a takarda. Laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, wajen ƙashin ƙugu na ɗaya zuwa na biyu. Allurar tana shiga ƙasa da nan, tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar, inda babu laka sai ruwa da siraran jijiyoyi da ke kaucewa. Abin da za a ɗiba bai kai cokalin shayi ba, jikin babban mutum kuwa yana yin kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana. Ya kuma gaya masa gaskiyar inda tsoron ya samo asali: waɗanda ake ɗibar wa ruwan baya masu tsananin ciwo ne, wasu sun zo a makare, idan suka rasu ko suka tashi da naƙasa sai a ɗora wa allura abin da cutar ta yi. Dattijon ya ce, "To ɗana, a yi, Allah shi sa a dace."

Ba kowa ake yi wa ba, kuma likita ya duba wannan kafin ya taɓa shi. Wanda ya yi nisa cikin suma, wanda ɓarin jikinsa ya saki, wanda ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, wanda ke jijjiga ba ta tsaya ba, wanda jininsa ya faɗi ko tabon jini ke yaɗuwa a fatarsa, duk ba a ɗiba a lokacin. Idan matsi ya yi yawa a cikin kai aka buɗe ƙofa a ƙasa, ƙwaƙwalwa na iya zamewa ta danne inda numfashi yake. Irin waɗannan magani kawai ake ci gaba da shi.

Ƙarfe 12:30 muka kwantar da shi a gefe, gwiwa a ciki, baya a lanƙwashe kamar baka. Nawa aikin riƙo ne: hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a bayan gwiwa, ba a danna wuya. Likita ya laluba saman ƙasusuwan ƙugu biyu, ya ja layi tsakaninsu, ya wanke wurin, ya kashe zafi, ya shiga. Ruwan ya fito da ƙarfi, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Wanda ya taɓa ganin mai kyau ba ya bukatar a gaya masa. Muka tara a kwalabe uku, kimanin mililita ɗaya-ɗaya. Ɗaya ta tafi ɗakin gwajinmu, ɗaya aka sa a sanyi domin gwajin da ke gano asalin ƙwayar ko ta mutu, ta ukun aka zuba a kwalbar da ke raya ƙwayar a hanya. Wannan ta ukun ba a sa ta a firji bayan an zuba ruwan, domin meningokokus ba ta jure sanyi. Sau da yawa sabon ma'aikaci, don kyautatawa, yakan jefa ta cikin ƙanƙara, sai ta isa a mace.

Bayan awa guda sakamakon gida ya fito. Fararen ƙwayoyin jini a ruwan sun haura dubu biyu a ɗigon da mai lafiya ba ya wuce biyar. Sukarin ruwan 1.1, alhali na jini 4.8. A mai lafiya na ruwa yakan kai fiye da rabin na jini, a nan bai kai rubu'i ba. Da aka rina aka duba a madubin gwaji, an ga 'yan ƙwayoyi ja-ja bibbiyu suna fuskantar juna kamar ƙwayar wake da aka tsaga. Minti hamsin da muka riga da magani bai ɓata komai ba. Ko da awa biyu ta wuce, abin da ake iya rasawa shi ne tsirar da ƙwayar a ɗakin gwaji, amma yawan fararen ƙwayoyi da faɗuwar sukari suna nan.

Daren farko shi ne mai wuya. Mun keɓe shi a gefe, mai jinya ɗaya, da takunkumi, har awa 24 bayan allurar farko, domin bayan nan ba ya yaɗa cutar. Mun ɗan ɗaga kan gadon. Kowace awa ana duba numfashi, bugun zuciya, ƙwayar ido da ko yana amsa kira, ana kuma auna fitsari. Ƙarin ruwa daidai bukata, kusan mililita 70 a awa ga nauyinsa, ba a ambaliya ba a kuma ƙuntata. Farasitamol miligiram 420 kowace awa shida. Wajen ƙarfe biyun dare ya yi jijjiga. Uwar ta zaro cokali za ta sa masa a baki, muka riƙe hannunta. Ba a sa komai a bakin mai jijjiga, ba a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin huhu zai tafi. A juya shi a gefe, a duba agogo. Ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, muka ba shi dayazefam, muka sake auna sukari, ta lafa. Ba ta dawo ba.

A ranar da ya zo muka cika takardar rahoto muka kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ana ƙirga masu ciwon mako-mako. A yanki mai mutum dubu ɗari, uku a mako ɗaya gargaɗi ne, goma annoba ce, kuma da wannan lissafi ake neman rigakafi. Wanda ya rasu a gida aka binne ba ya shiga lissafin, shi ya sa annoba takan yi nisa kafin takarda ta nuna. Haka ta faru a Zamfara: cutar ta soma a ƙarshen 2016, kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an ƙirga mutum fiye da 14,000 a ƙasar nan, fiye da 1,100 sun rasu. A Kebbi ma, a farkon 2025 ta taɓa Gwandu, Aliero da Jega.

Mun tambayi su wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Ƙannensa biyu, da wani ɗan baffansa. Su da iyayen aka ba maganin kariya a ranar: babba ƙwayar siforo ta miligiram 500 sau ɗaya tak, yara gwargwadon nauyinsu. Uwar tana da ciki, don haka allurar seftiriyazon ta miligiram 250 aka yi mata maimakon ƙwaya. Aka gaya musu su sa ido kwana goma, domin daga ɗauka zuwa bayyana kwana 2 ne zuwa 10. Akwai jaririya 'yar wata bakwai a gidan, na ja uwarta gefe. Jariri ba ya nuna sagewar wuya. Abin dubawa shi ne maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ƙin nono, kuka mai tsini, jiki ya saki ko ya sandare, barcin da ba a iya tashinsa. Tsofaffi ma sukan zo da ruɗewa kawai. Ko a manya, wani bincike da aka buga a 2004 kan masu sanƙarau a ƙasar Holan ya nuna waɗanda suka haɗa zazzaɓi, sagewar wuya da gushewar hankali ba su kai rabi ba, amma kusan kowa yana da biyu daga cikin huɗu idan aka ƙara ciwon kai. Don haka ba a jira alamu su cika. Kuma ciwon kan da ya faɗo lokaci guda kamar an buga taɓarya, wuya ya sage ko babu zazzaɓi, yana iya zama jijiya ce ta fashe a kai. Shi ma hanyar asibiti ce a lokacin.

Uban ya ce an yi wa yaron rigakafin sanƙarau, ta yaya ya kamu? Ƙwayar iri-iri ce. Rigakafin MenAfriVac da aka soma a Nijeriya a 2011 na nau'in A ne kaɗai, wanda ya yi ɓarnar 1996, kuma ya yi aikinsa. Wanda ya addabi Zamfara, Sakkwato da Kebbi daga baya nau'in C ne. Sabon rigakafin Men5CV, wanda Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a Maris 2024, ya haɗa A, C, W, X da Y. Bayan an sallami yaron, sakamakon gwajinsa ya dawo daga Abuja, C ya nuna.

Rana ta uku zazzaɓi ya sauka, ya sha kunu, ya gane kowa. Uban ya zo da safe ya ce albasa na jiransa a fadama, a ba su sauran maganin su tafi. Wannan ma wuri ne da ake asarar yara. A lokacin annobar meningokokus kwana biyar ake yi cur, kwalba 15 ga wannan yaro. Ba lokacin annoba ba akan kai bakwai, idan kuma wata ƙwayar ce daban mai suna nimokokus, goma zuwa sha huɗu. Sauƙin rana ta uku yana nufin maganin ya rinjayi ƙwayar, ba ya nufin ta ƙare, kuma babu ƙwayar haɗiya a kemis da za ta maye gurbin allurar. Muka daidaita: uban ya koma gona, dattijon ya zauna.

Ranar sallama muka sa shi ya yi tafiya a baranda, ya ɗaga hannu biyu, ya bi yatsa da ido. Duk lafiya, sai ɗan tangaɗi. Sannan na tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakina, na toshe kunnensa na hagu na raɗa "goro". Ya maimaita. Na toshe na dama na raɗa "tulu". Shiru. Na ɗaga murya, sai ya waiwayo yana neman inda sautin ya fito. Kurumta ita ce naƙasar da ta fi bin sanƙarau, kuma iyaye kan yi watanni ba su lura ba idan kunne ɗaya ne, sai malamin makaranta ya fara cewa yaron ya zama mai taurin kai. Raɗa ba gwaji ba ce, alama ce kawai. Gwajin ji na na'ura ake bukata cikin mako huɗu, domin bayan sanƙarau can cikin kunne yana iya rikiɗewa ya zama ƙashi, kuma idan ya rufe abin da za a iya yi ya ragu. Likita ya rubuta musu takarda zuwa sashen kunne a Birnin Kebbi, ya sa ranar dawowa wurinmu bayan mako huɗu. Na ce wa dattijon kafin nan a gaya wa malaminsa ya zaunar da shi a gaba, ta yadda kunnen dama zai fuskanci mai karantarwa.